Kiran bidiyo a kan rezo mai rauni: wane ɓangare ne ya cushe, kuma me ya kamata ka kashe?

Ƙanwata tana wani karatu ta intanet, kowace Laraba da daddare awa biyu a Zoom, su wajen 25 ne a ajin har da malaminsu da ke Yawunde. Mu kuma muna nan Garwa, unguwar Yelwa. Makon farko ta sayi forfe na jiga 1, ta haɗa kwamfutarta da wayarta ta zauna, ko awa ɗaya ba a cika ba saƙo ya shigo wai data ta ƙare, kuma abin haushin ma a ɗan lokacin da ta yi a ciki rabin maganar malamin ba ta ji ba, muryarsa sai ta tsinke, sai ta dawo da gudu kamar ana kora shi, sai ta koma kamar mai magana a cikin randa. Ta fito tsakar gida rai a ɓace ta ce min "Yaya, wallahi rezon nan ba ya yi, gobe sai na canza sim." Na ce mata ki bar sim ɗinki tukuna, rezon yana da laifinsa amma ke ma kin ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne murya ba ta cin komai. Zoom da kansu sun rubuta cewa murya kaɗai tana bukatar kilobit 60 zuwa 80 ne a daƙiƙa. Bidiyo na mutum biyu, mai kyau daidai gwargwado, kilobit 600. In ka ce sai mai tsabta sosai ɗin nan na 720p, megabit 1.2, wato kilobit 1200. In kuma taro ne ka buɗe fuskokin mutum 25 a jere a allo, abin da ke shigo maka ya kai megabit 2. To duba tazarar da ke tsakanin 80 da 2000, ninki 25 kenan. Abin da ka zo nema, wato jin magana, shi ne ɗan ƙaramin, sauran duk kallon fuskokin mutanen da suka yi shiru suna gyara hula ne.

Lissafin kuɗinsa ma ba wuya. Megabit 1 a daƙiƙa in ya ɗore awa guda yana cin mega 450 na forfe. Saboda haka megabit 2 mega 900 kenan a awa, kuma wannan abin da ke shigowa ne kawai, ba a sa nata bidiyon da take turawa ba, wanda ko a kilobit 600 aka bar shi wani mega 270 ne a awa. Haɗa su ka ga sun haura jiga 1 kafin awa ta cika. Ba kamfanin sim ne ya sace mata data ba, lissafi ne ya cika.

Amma ƙarewar data ba ita ce ta fi damuna ba, tsinkewar muryar ce, don ita ce mutane ke yi wa gurguwar fahimta. Za ka ji mutum ya ce ai ina kallon bidiyo a YouTube lafiya lau da wannan rezon, me zai hana kira ya yi. Ba abu ɗaya ba ne. Bidiyon da aka riga aka ɗauka aka ajiye, wayarka tana janyo shi ta tara gaba, in rezo ya yi tuntuɓe na daƙiƙa uku ba za ka ma sani ba don akwai ajiya. Kira ba shi da ajiya, maganar da mutum bai furta ba tukuna ba yadda za a yi a tara maka ita. Ana yanka murya ƙanana ƙanana, yawanci kowane yanki kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa ne, wato ƙunshi 50 kowace daƙiƙa, kuma kowanne dole ya iso a kan lokacinsa. Wanda ya makara an wuce shi, zubar da shi ake yi, shi ne wannan ramin da kake ji a tsakiyar kalma.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gadar Binuwai da yamma ya san abin da nake nufi. Gada ɗaya ce, tireloli sun jeru, kai kana kan moto ba ka da kaya ba ka da nauyi, amma tunda layi ɗaya kuke bi dole ka jira bayansu. Murya ita ce mai moto, bidiyo shi ne tirela. Idan hanyar da rezo ya ba ka a wannan lokacin megabit 1 ce, ana kuma turo maka kayan megabit 2, rarar ba ɓacewa take nan take ba, taruwa take a layi, layin yana tsawo, murya tana makale a tsakiyarsa. Shi ya sa za ka yi tambaya a yi shiru, kai har ka sake maimaitawa sannan amsar farko ta iso, ku yi ta cin karo da juna kowa yana cewa "yi maganarka". A ƙa'idar masu harkar waya, jinkirin da bai wuce kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa ba kunne ba ya damuwa da shi, in ya doshi 400 kuwa hira ta fara zama wahala. Idan layin ya cika maƙil sai a fara zubar da kaya gaba ɗaya, nan ne hoto ke daskarewa a bar mutum baki buɗe.

Wani zai ce ai manhajojin nan suna rage ingancin hoto da kansu in sun ga rezo ya yi ƙasa. Gaskiya ne suna yi, kuma suna ƙoƙarin fifita murya. Matsalar ita ce sai abu ya lalace suke ganewa, kuma da sun ga hanya ta ɗan buɗe sai su sake ƙara hoto don su gwada ko za ta ɗauka. A kan intanet na gida da ke zuwa ta igiya mai tsayayyen gudu wannan dabarar tana aiki sumul. A kan data ta wayar hannu da daddare, lokacin da duk unguwa ta dawo gida kowa ya hau antana ɗaya, gudun da kake samu yanzu ba shi za ka samu bayan daƙiƙa biyar ba, sai manhajar ta yi ta hawa da sauka, kuma duk hawan da ta yi ba daidai ba muryar ce ke biya. In ka rage da hannunka ka hana ta wannan gwaje-gwajen kenan, ka ce mata zauna a ƙasa kawai.

To yanzu ga inda na fi so a tsaya a fahimta, don a nan ne ake kashe abin da bai kamata ba. Hanyar nan biyu ce, akwai mai shigowa akwai mai fita, kuma kowacce cushewarta daban. Ƙanwata da abin ya dame ta a makon farko kyamararta ta kashe, don haka kowa ke cewa a yi, kuma ba abin da ya canza, malam ya ci gaba da tsinkewa. Dalili kuwa kyamararta tana kan hanyar fita ne, ita kuma matsalarta a hanyar shigowa take, fuskoki 24 suna ta kwararo mata. Ta rage kaya a layin da ba shi ne ya tsaya ba.

Gane wanne ne ba ya bukatar wani na'ura, kunne ya isa. In kai ne kake jin kowa yana tsinkewa, hotunansu duka suna daskarewa lokaci ɗaya, amma da ka yi magana su suna jinka tas, to shigowa ce ta cushe, bidiyon da ke zuwa maka za ka kashe. In kuma kai kana jinsu lafiya kana ganinsu lafiya, su ne ke cewa "ba mu jinka, muryarka na yankewa", to fita ce, kyamararka za ka kashe ko ka rage ta. In mutum ɗaya ne kawai ke tsinkewa sauran kuma lafiya, ka kwantar da hankalinka, ba naka ba ne, nasa ne, shi za a faɗa wa ya kashe kyamara. Na sha ganin mutum yana zagaye gida da waya a sama yana neman rezo alhali wanda ke can ɗaya gefen ne ke cikin rami.

Kuma a wayar hannu fita ce ta fi saurin gajiya. Antana tana da wuta tana da ƙarfi, muryarta na isowa nesa, ita kuwa waya a kan 4G ƙarfin da take aika saƙo da shi wajen kashi ɗaya cikin biyar na wat ne kawai. Sandunan rezo da kake gani a saman allo suna gaya maka yadda kake jin antana ne, ba yadda antana ke jinka ba, ba kuma yawan mutanen da kuke rabawa da su ba. Shi ya sa sanda huɗu cif ba ta hana a ce maka ba a jinka.

Ga abin da muka yi a Laraba ta biyu. Tana shiga aji na sa ta danna View a saman allo ta zaɓi Stop incoming video, a na'urar da ke Faransanci Arrêter la vidéo entrante za ka gani. Nan take fuskokin suka koma sunaye da hotunan da ba sa motsi. Wannan ba rufe ido ba ne kawai, a kiran taro kowa yana tura bidiyonsa ne zuwa babbar kwamfutar kamfanin, ita ke rarraba wa mahalarta, to wannan maɓallin ce mata yake kar ki turo min na kowa, kayan ba sa ma hawa hanyarka balle su cinye maka data. Ta ɗan tsorata ta ce "Yaya to allon da malam yake nunawa fa?" Allon yana nan, shi ba ya cikin abin da aka kashe, kuma rubutun da ba ya motsi ba shi da nauyi, Zoom sun sa shi a kilobit 50 zuwa 75. Ita ma sauran suna ganinta in kyamararta na kunne, ba abin da ya canza a wajensu. In ka duba ba ka ga wannan maɓallin ba, sai ka shiga asusunka a shafin Zoom ka kunna shi a saiti tukuna, sannan ya fito.

Sake lissafin yanzu. Murya 80, allon malam 75, duka kilobit 155, wato wajen mega 70 a awa maimakon 900. Ta kashe kyamararta da makirfo sai in za ta yi tambaya, don haka fita kusan babu komai. A lissafi ajin awa biyu bai kamata ya kai mega 200 ba, kuma da muka duba abin da ya rage mata bayan an tashi, forfen nata na jiga 1 ko kwata bai tafi ba. Muryar malam kuwa sau biyu ko uku kawai ta ɗan yi gargada. Sim ɗin dai shi ne, ɗakin shi ne, lokacin shi ne.

Akwai wani ɓarawo guda da sai da muka kama shi kafin nan, wanda duk mai haɗa kwamfuta da waya ya kamata ya sani. Windows in ta ga an haɗa ta da wifi ɗauka take yi ta samu na banza, sai ta fara janyo sabuntawarta a ɓoye, ga wasu manhajoji suna loda hotuna sama. Ka shiga saitin wannan wifi ɗin ka kunna Metered connection, sai ta kama kanta. Ita ma wayar da ke ba da rezon, in WhatsApp yana sauke bidiyoyin guruf-guruf da kansa, duk a gada ɗaya kuke.

Sauran manhajojin kowanne da inda ya ɓoye nasa. A Teams sunansa Turn off incoming video. A Google Meet na kwamfuta ka shiga Settings sannan Video, za ka ga wuri biyu, Send resolution da Receive resolution, kuma ni wannan tsarin ya fi burge ni don ya raba maka hanyoyin biyu ƙarara: na farko abin da kake turawa, na biyu abin da kake karɓa. A na biyun za ka iya sauka zuwa 360p, ko 360p na mutum ɗaya a lokaci guda, ko Audio only. Saukowa daga 720p zuwa 360p ba rabi ba ne kamar yadda lambar ke nunawa, tsawo ya ragu rabi faɗi ya ragu rabi, ɗigon hoton ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A allon waya ma da kyar ido zai bambance. Don haka ba dole ba ne ka fara da kashe komai, in ganin fuskar mai magana yana da muhimmanci fara da barin jeren fuskoki ka koma kallon mai magana shi kaɗai, ka cire alamar HD, in bai isa ba sannan ka kashe mai shigowa gaba ɗaya.

WhatsApp kuwa, wanda shi ne yawancinmu muke kiran gida da shi, ba shi da maɓallin hana bidiyon wani shigowa. Abin da yake da shi shi ne Use less data for calls a ƙarƙashin Storage and data, ka kunna shi ka bar shi a kunne. Sauran sai da baki. In kana magana da Inna a ƙauye muryarta na tsinkewa, kashe taka kyamarar zai rage mata abin da ke shigo mata, amma don kai ka ji ta sosai sai an kashe tata, kuma kowa ya san ce wa tsohuwa ta kashe kyamara alhali jikokinta take son gani ba ƙaramin aiki ba ne. Abin da muke yi a gidanmu shi ne a fara da bidiyo minti biyu a gaisa, ta ga yara su ɗaga mata hannu, sai in ce "Inna bari mu koma murya don in ji ki da kyau", a yi ainihin maganar a haka.

Akwai kuma inda duk wannan ba ya ceto, gara in faɗa. Idan ka kashe bidiyo ta ko'ina murya kaɗai ta rage amma har yanzu tana yankewa, to ba cunkoson kayanka ba ne, hanyar ce kanta ke zubar da kaya. Duba harafin da ke gefen sandunan rezo. In E ne, wannan tsohon 2G ne, ko a takarda gudunsa bai kai rabin megabit ba, a zahiri kuma ƙasa da haka sosai, ga jinkiri, murya ma da kyar. H ko H+ na 3G ne, yana ɗaukar murya da allo har da ƙaramin bidiyo in ba cunkoso. Mafi muni shi ne wayar da ke tsalle tsakanin 4G da H da E, don kowane tsalle kiran sai ya ɗan ɗauke. A irin wannan gara ka shiga saitin rezo ka tsayar da ita a kan wanda ya fi zama daram a wurin, ko da 3G ne. A Zoom na kwamfuta akwai Statistics a cikin saiti, yana nuna Latency wato jinkiri, da Jitter wato yadda jinkirin ke hawa da sauka, da Packet Loss wato asarar ƙunshi a hanya, na fita da na shigowa daban daban. Su Zoom suna son na farko kar ya wuce kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa, na biyu kar ya wuce 40 a wannan ma'aunin, na uku kar ya wuce kashi 2 cikin ɗari. In bidiyo a kashe yake kuma asarar tana sama da haka nesa, saiti ya gama nasa, sai dai ka canza wuri.

Canza wurin ma ba wani abu ba ne mai nisa. Ɗakin ƙanwata rufin kwano ne, bangon siminti, taga ɗaya ƙarama, a kan katifa wayar H take nunawa, a bakin taga 4G. Tunda kwamfuta ta wifi take jan rezon, ba dole wayar ta zauna kusa da ita ba, sai muka ɗora ta a kan taga aka sa mata caja, don raba rezo na awa biyu yana shan batir yana kuma zafafa waya, a zafin Garwa na watan Maris kuwa waya in ta yi zafi da kanta take rage aiki. Wani abu kuma da ya faru a tsakiyar ajin, ƙawarta ta kira ta kira na yau da kullum, wayar ta sauka daga 4G don ta karɓi kiran, Zoom ya tsaya cak na ɗan lokaci. Wayoyi da layuka da yawa haka suke yi in ba a kunna musu kira ta kan 4G ba. Yanzu ranar Laraba ƙawayen sun san ba a kiranta daga takwas zuwa goma.

Saura matsala ɗaya da ba ta fasaha ba. Malamin nasu yana son kowa ya kunna kyamara don ya tabbatar mutum na nan bai tafi kallon ƙwallo ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma abin da yake nema fita ce, ita kuma damuwarta shigowa ce, ba su ma ci karo ba: tana iya barin kyamararta a kunne ba tare da HD ba, shi yana ganinta, ita ba ta ganin kowa sai allonsa. Hakan zai ƙara mata abin da ya kai mega 270 a awa, awa biyu mega 540, da na murya da allo duka dai jiga 1 yana kai ta ƙarshen aji har da ɗan canji. Ranar da fitar ma ta ƙi, rubuta masa take a akwatin saƙo, "Malam a yi haƙuri rezo ba kyau, zan kunna in zan yi magana", ta kunna minti ɗaya ta yi tambayarta ta kashe. Jiya ma na ji ta a waya tana tambayar wata 'yar ajinsu da ke Marwa, "ke kike jinsu suna yankewa, ko su ne ba sa jinki?"